Rubuta wa Shugabannin Kamfani Bayan Ma'aikatan Kanta Sun Kasa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da mutanen Zariya ke yawan yi idan sun gaji da zirga-zirga tsakanin gida da reshen banki ko ofishin wani kamfani, kullum ana ce musu su dawo mako mai zuwa. Mun ɗauki matsalar banki a matsayin misali, domin ita ce ta fi yawa, kuma tana da ƙa'idoji a rubuce. Tsarin wasiƙar kuwa ɗaya ne, ko kamfanin wuta za a rubuta wa ko na waya.

Shin manajan darakta da kansa ne zai karanta wasiƙata?

Da wuya. Wasiƙar da aka aika da sunan ofishinsa tana faɗawa hannun sakatare ko wani mataimaki, wanda aikinsa shi ne ya duba ta cikin ɗan lokaci, ya gane sashen da abin ya shafa, ya tura can da umarnin a bincika a kawo rahoto. Amfanin wasiƙar yana cikin wannan turawar. Ƙorafin da ya taso daga reshen PZ ko na Samaru yana shiga layi tare da ɗimbin irinsa, amma wanda ya sauko daga ofishin shugaba akwai mai bibiyarsa, kuma dole wani ya ba da amsa a kansa.

Saboda haka ka rubuta ta yadda wanda bai taɓa ganinka ba, yana zaune a Legas ko Abuja, zai iya aiki da ita ba tare da ya kira ka ba. Idan sai ya neme ka ya tambayi lambar asusu ko ranar da abin ya faru, za ta koma ƙasan tebur har sai ya sami sarari.

Yaushe ya dace in tsallake reshe?

Idan abubuwa biyu sun haɗu: kana da shaidar cewa ka kai ƙorafi, kuma wa'adin da aka ɗiba ya wuce.

Shaidar ita ce lambar bibiyar ƙorafi. Babban Bankin Nijeriya ya wajabta wa bankuna su ba duk mai ƙorafi irin wannan lamba. Mutane da yawa sun je reshe sau da dama, sun yi bayani da baki, ma'aikaci ya ce "to, za mu duba", ba a taɓa shigar da komai a kwamfuta ba. A idon hedikwata, mai irin wannan hali bai kai ƙorafi ba tukuna. In ba ka da lambar, koma ka nema, ko ka aika imel zuwa sashen kula da abokan hulɗa, amsar da za ta dawo takan zo da ita.

Game da wa'adi, umarnin da Babban Banki ya fitar a 2020 ya ce kuɗin da ATM ya cire bai bayar ba, idan katin da na'urar na banki ɗaya ne, a mayar nan take, in hakan bai yiwu ba kada ya wuce awa 24. Idan na'urar ta wani banki ce, awa 48. Rigimar POS da ta sayayya ta intanet kuwa awa 72. Sannan Babban Bankin yana son a ba banki mako biyu kafin a kai masa ƙara. Don haka wanda ya shigar da ƙorafi shekaranjiya bai kai ga rubuta wa shugaba ba. Wanda ya yi mako biyu ko uku yana jin "ana kan aiki" ya kai.

Me ya sa ma'aikatan kanta ke kasawa? Ganganci ne?

Wani lokaci sakaci ne, amma galibi ba su da ikon yin abin da kake nema. Ga misali, kuma shi za mu bi har ƙarshe.

A ɗauka wani ɗan kasuwa daga Tudun Wada ya sayi kaya na naira 185,000 a kasuwar Sabon Gari ranar 3 ga Maris. An sa katinsa a POS, rasit ya fito da `DECLINED`. Bayan minti biyu aka sake sawa, ya fito da `APPROVED`. Ya ɗauki kayansa. Da yamma sai ga alat biyu, an cire 185,000 sau biyu.

Kuɗin nan ba ya hannun reshe. Akwai bankin mai kati, akwai bankin mai shago, akwai kuma kamfanin da ke haɗa su a tsakiya. Abin da ma'aikacin kanta zai iya yi shi ne ya shigar da buƙatar a dawo da kuɗin, a tura wa bankin mai shago, shi kuma ya amince ko ya ƙi. Kowace sawar kati tana da lambarta mai alƙaluma 12, wadda ake gani a rasit da sunan `RRN`. A nan ake yin tuntuɓe: cire kuɗi biyu, rana ɗaya, adadi ɗaya, shago ɗaya. Idan ma'aikacin ya ɗauki lambar sawa ta biyu, wadda ta yi nasara, bankin mai shago zai duba ya ga an biya, an ba da kaya, ga rasit, sai ya ƙi buƙatar, kuma yana da gaskiya. A kwamfutar reshe abin da zai bayyana kawai shi ne an ƙi. Ɗan kasuwar ya dawo, ya tarar da wani ma'aikaci daban, wannan ya ga an riga an rufe maganar, ko dai ya ce masa mai shago ya karɓi kuɗin, ko ya sake shigar da lambar da ta gabata. Haka za a yi ta zagaye wata biyu, alhali babu wanda ya taɓa tambaya game da sawa ta farko.

Yadda za ka gane kana cikin irin wannan shi ne ka roƙi a nuna maka, ko a rubuta maka, lambar `RRN` da aka shigar, ka gwada da rasit ɗinka. In ta yi daidai da na `APPROVED`, ka gano inda gizo ke saƙa, kuma wannan ne zai zama ƙashin bayan wasiƙarka.

Waɗanne takardu zan tara kafin in fara rubutu?

Rasit biyun su ne kan gaba. Takardar POS tana koɗewa da zafi, cikin 'yan makonni a aljihu ko a mota sai ta koma fara fat, don haka a ɗauki hotonta tun ranar, a kuma yi fotokwafi. Sai sitetmen na asusu na kwanakin da abin ya shafa kawai, tun daga ranar cirewa zuwa yau, domin ya nuna an cire sau biyu kuma ba a mayar ba. A ja layi ƙarƙashin wuraren biyu. Sai lambobin ƙorafi da ranakunsu.

Akwai takarda ɗaya da mutane ba sa tunawa da ita, ga ta da ƙarfi: ɗan rubutu daga mai shagon, da sa hannunsa, cewa 185,000 sau ɗaya ya shiga masa a ranar, haɗe da hoton lissafin na'urarsa na wannan yini. In kun saba, ba zai ƙi ba. In kuma ya duba ya ga sau biyu ya shiga masa, magana ta ƙare a shago, ba sai an je Legas ba.

Idan tura kuɗi ne daga asusu zuwa asusu ya maƙale, lambar da ake nema ita ce `Session ID`, mai alƙaluma 30. A kwafe ta da natsuwa, alƙalami ɗaya ya kuskure ba za a ga komai ba.

Wa zan rubuta wa, kuma ina zan sami adireshi?

A sa muƙami a kan wasiƙar, wato `The Managing Director/CEO`, da adireshin hedikwata. Sunan mutum ba dole ba ne, shugabanni na canzawa, ofishi kuwa yana nan. A ba da kwafi ga shugaban sashen ƙorafe-ƙorafe, da babban jami'in da ke tabbatar da bin ƙa'ida, wanda a takardun banki ake rubutawa `Chief Compliance Officer`, da kuma manajan reshenka. Jami'in bin ƙa'ida shi ne wanda ƙara zuwa Babban Banki ta fi damu, don haka ganin wasiƙar a teburinsa yana da tasiri.

Ba wa manajan reshe kwafi ba neman rigima ba ne. Hedikwata za ta tambaye shi ko ta yaya, gara ya ji daga gare ka. Ba abin mamaki ba ne ma ya tashi tsaye ya warware abin kafin tambayar ta iso.

Adireshi kuwa a ɗauko shi daga shafin kamfanin na ainihi, ko rahotonsa na shekara, ko allon sanarwa da ke cikin reshe. Kada a ɗauko daga sharhin Facebook ko X. 'Yan damfara suna fakon masu ƙorafi a can, suna zuwa da tambarin banki da sunan masu taimako.

Da Hausa zan rubuta ko da Turanci? Kuma me zan ce?

Da Turanci, domin shi ne harshen aiki a hedikwata, kuma wasiƙar za ta ratsa hannun mutanen da ba sa jin Hausa. Amma ka fara tsara ta da Hausa, sannan wanda ka amince da shi ya juya. In a shagon buga takardu za a yi, a Kongo ko Samaru, ka zauna kusa da mai bugawa, ya karanta maka lambobin ɗaya bayan ɗaya kana dubawa a rasit. Masu bugawa suna son ƙawata wasiƙa da manyan kalmomi, ka hana. Shafi ɗaya ya isa, sauran duk takardun shaida ne.

Ga yadda ta ɗan kasuwarmu za ta kasance:

> Yallaɓai,
>
> Ƙorafi kan cire naira 185,000 sau biyu ta POS: asusu mai lamba kaza, lambobin ƙorafi kaza da kaza
>
> Ina neman a mayar mini da naira 185,000 da aka cire daga asusuna ranar 3 ga Maris a kan cinikin da bai yi nasara ba.
>
> A ranar an sa katina sau biyu a na'ura ɗaya a kasuwar Sabon Gari, Zariya. Sawa ta farko, ƙarfe 11:42, lambarta mai ƙarewa da 4417, an ƙi ta. Ta biyu, ƙarfe 11:44, mai ƙarewa da 4452, ta wuce. An cire kuɗi a duka biyun. Ba ni da ja a kan ta biyu.
>
> Na kai ƙorafi reshenku ranar 4 ga Maris, aka ba ni lamba ta farko. Ranar 19 ga Maris aka ce an ƙi buƙatar. Na sake shigarwa ranar 2 ga Afrilu, aka ba ni lamba ta biyu. Na duba na ga duka biyun an shigar da su ne a kan 4452, ba a kan 4417 ba.
>
> Ina roƙon a shigar da buƙatar a kan 4417, a mayar da kuɗin, a kuma sanar da ni a rubuce cikin kwanakin aiki 10. Idan wa'adin ya wuce, zan miƙa batun ga sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin Nijeriya.
>
> Haɗe da wannan akwai rasit biyu, sitetmen, da takardar mai shago.
>
> Suna, sa hannu, lambar waya, imel, kwanan wata.

A ainihin wasiƙar a rubuta lambobin `RRN` cikakku. Ka lura buƙatar tana layin farko, ba a ƙarshe ba. Ka kuma lura da jimlar "ba ni da ja a kan ta biyu". Ita ce ke hana mai bincike ya sake faɗawa ramin da na reshe suka faɗa.

In ambaci sunan ma'aikacin da ya wulaƙanta ni?

Raba maganar biyu. Idan abin da kake so kuɗinka ne, ka ambaci teburi da rana kawai: "teburin kula da abokan hulɗa, ranar kaza". Da zarar ka sa suna da zargi, wasiƙar ta zama ta ladabtarwa, reshe ya shiga kare kansa, a yi ta musu kan wa ya ce me, kuɗin kuma yana can. In wulaƙancin ya kai a yi magana, rubuta wasiƙa daban a kan hakan bayan kuɗi ya dawo, ka faɗi abin da aka ce da abin da aka yi, ba tare da ka yanke wa kowa hukunci ba.

Haka nan kalmomi irin su sata da zamba, a guje su sai in ana da hujja. "An cire, ba a mayar ba" magana ce da takarda ke tabbatarwa. "Kun sace" zargi ne da za a iya neman ka kare.

Me bai kamata ya shiga wasiƙar ba?

Lambar sirri ta kati, lambobi uku na bayansa, lambar da ake turowa ta waya don tabbatar da ciniki, da kalmar sirrin manhaja. Lambar katin ma kada a rubuta ta duka, shida na farko da huɗu na ƙarshe sun isa. In za a haɗa hoton kati, a rufe tsakiya, kada a ɗauki bayansa.

Sai tsofaffin ƙorafe-ƙorafe. Wanda ya haɗa maganar POS da ta kuɗin alat da ake cira da ta katin da ya makara bara, ya ba mataimakin da ke ofishin shugaba wasiƙar da ba ta da sashe guda da za a tura ta. Matsala ɗaya, wasiƙa ɗaya.

Ta yaya zan aika don kada a ce ba a gani ba?

Hanya mafi sauƙi ga mazaunin Zariya ita ce a buga kwafi biyu, a kai reshe, a miƙa ɗaya, a sa su buga hatimin karɓa a kan ɗayan, da kwanan wata da sa hannu. Wannan kwafin mai hatimi shi ne dukiyarka, da shi za ka tafi mataki na gaba. Wasu ma'aikata sukan yi nauyin hannu wajen buga hatimi a wasiƙar da ta tsallake su. In haka ta faru, nemi ganin manajan ayyuka na reshen. In ya ƙi, kada ka tsaya jayayya, rubuta rana da lokaci, ka aika ta EMS na gidan waya ko wani kamfanin aika saƙo da ke ba da lambar bibiya, ka ajiye rasit da shaidar isarwa.

A ranar kuma ka tura ta imel. Kan saƙon ya ɗauki adadin kuɗi da lambar ƙorafi. A haɗa wasiƙar da takardun a fayil ɗaya na PDF, a jere yadda aka ambace su, maimakon hotuna goma warwatse da wasu ke kife. A kwafe rubutun wasiƙar a cikin saƙon ma, domin mai dubawa a waya ba lallai ya buɗe fayil ba. Adireshi uku ko huɗu sun wadatar. Wanda ya tura wa mutum ashirin, kowa zai ɗauka wani ne zai amsa.

Ina da ɗan'uwa da ya san wani babba a bankin. Ba gara in bi ta hannunsa ba?

Bi, amma da wasiƙar a hannu. Babban da aka yi wa magana a wurin ɗaurin aure zai ce "a turo mini bayani", kuma abin da zai iya turawa ƙasa shi ne takarda mai lambobi. Alfarma ta baki ba ta barin sawu. In ta ci, madalla, in ba ta ci ba, ka ɓata makonni babu abin nunawa.

Ta yaya zan san wasiƙar ta motsa wani abu?

Amsar da ta dawo cikin daƙiƙoƙi tana godiya da tuntuɓa, na'ura ce, amfaninta kawai shaida ce cewa saƙo ya isa. Alamar motsi ita ce a kira ka ko a rubuto ana ambaton takamaiman abin da ka rubuta, misali a ce an sake shigar da buƙata a kan 4417, ko a nemi rasit mai haske, ko manajan reshe ya neme ka. Duk wanda ya kira, tambayi sunansa da sashensa, ka roƙi ya aiko da abin da ya faɗa ta imel. In ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo maka ta waya, kashe wayar, ba daga banki yake ba, ko da ya karanto maka lambar ƙorafinka daidai.

Wani abin lura: za a iya roƙonka ka rubuta cewa an warware, ko ka janye wasiƙar, da alkawarin kuɗi zai shigo gobe. Amsar cikin ladabi ita ce, "Ranka ya daɗe, da zarar na ga kuɗin a asusu zan rubuta." A sitetmen ake tabbatarwa, ba a alat kaɗai ba.

In sa lauya ya rubuta mini?

A matakin farko, ba mu ba da shawara ba. Wasiƙar lauya sashen shari'a take tafiya, su kuma aikinsu kare kamfani, ba sasanta lissafi ba, sai abin ya ƙara jinkiri. Lauya yana da amfani idan kuɗin mai yawa ne, ko an rufe asusu, ko an ɗora maka bashin da ba ka ci ba. A kuma sani cewa da zarar magana ta shiga kotu, hukumomin sa ido sukan janye hannu su bar wa alƙali.

Kwanakin aiki 10 sun cika, shiru. Sai me?

Sai ka cika abin da ka faɗa. Ka rubuta wa daraktan sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin Nijeriya, ta `cpd@cbn.gov.ng`, ko ka kai takardar reshen Babban Bankin da ke Kaduna. Ba sai ka sake dogon bayani ba: sunanka, sunan bankin, adadin kuɗi, rana da wurin cinikin, lambobin ƙorafi, da abin da kake nema, sannan ka haɗa wasiƙar da ka aika wa shugaban tare da shaidar karɓarta. Ka ba bankin kwafi.

Idan kamfanin wuta ne ko na waya fa?

Wasiƙar ba ta canzawa, lambobin ne ke canzawa, da inda ake zuwa daga baya. A harkar wuta, maimakon `RRN` sai a sa lambar mita ko ta asusun da ke kan bil, da hoton abin da mita ke nunawa da kwanan watansa. Zariya tana ƙarƙashin Kaduna Electric. Ƙa'idar NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wuta, ita ce a fara da sashen ƙorafi na kamfanin a rubuce, a ba shi kwanakin aiki 15, sannan a wuce ofishin sauraron ƙorafi na hukumar, wato `NERC Forum`, daga nan sai hukumar kanta. A harkar waya, a karɓi lambar ƙorafi daga kamfanin, in bai warware ba a kira 622, layin kyauta na hukumar sadarwa ta NCC, za su nemi wannan lambar. Kamfanonin da ke sayar da kaya ko wata hidima kuwa, kamar mai sayar da firji da ya ƙi mutunta garanti, ƙararsu tana zuwa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma a nan rasit na saye da katin garanti mai lambar jikin kayan su ne za a fara tambaya.